Kafin Ki Sayar Da Gwal Ɗinki: Maganar Aikin Ingila

   

Yau maganar tafiya za mu yi, tafiya neman aiki ƙasar waje. Na san wata za ta ce, to ni da ko ƙofar zaure ba na leƙawa, ina ruwana da biza? Da ruwanki, Hajiya. Ba ke za ki hau jirgi ba, amma sau da yawa daga ɗakinki kuɗin tafiyar ke fita. In yaro ya zaga ya rasa, ya je wa uba uba ya ce babu, wa yake dawowa? Ke. Sarƙar da kike ajiya a ƙasan adaka, da awarwaron aure, da tumakin da kike kiwo a bayan ɗaki, da kwasar adashi, su ne ake kallo. Saboda haka ke ce kika fi kowa cancantar sanin abin da ake shirin saye da dukiyarki.

Abin da ya tayar da zancen, wasiƙa ce muka samu daga wata mai sauraronmu, wadda ta roƙi a sakaya sunanta. 'Yarta ce ta rubuta mata. Ta ce ɗanta na fari ya gama makarantar koyon aikin lafiya shekara uku ke nan, babu aikin yi sai 'yan buge-buge. Sai wani abokin ƙanin maigidanta ya zo da labari, wai yana da hanyar aikin kula da tsofaffi a Ingila. Kamfani ne zai ɗauki nauyin bizar yaron, amma za a biya Naira miliyan 9, a ba da miliyan 4 yanzu, ragowar in biza ta fito. Ya ce gurbi biyu ya rage, kwana goma ya ba su. Ya nuna musu takarda mai tambari da sunan yaron a kai, ya kuma buɗe waya ya nuna musu sunan kamfanin a cikin jerin gwamnatin Birtaniya. Har ta riga ta ba da Naira 300,000 kuɗin fom. Yanzu tana da gwal, tana da fili na gado, tana tambaya ko ta sayar.

To, kafin in faɗa muku yadda muka yi da ita, bari mu fahimci mene ne wannan ɗaukar nauyi da ake ta faɗi. Mu nan mun saba jin kalmar kafili daga bakin 'yan uwanmu mazauna Makka da Jidda, wato mutumin da ya tsaya maka ka zauna ka yi aiki. Tsarin Ingila ba iri ɗaya ba ne da na Saudiyya, amma akwai kama ta wannan fuska: ba ka samun bizar aiki sai wani wurin aiki ya tsaya maka. Kuma ba kowane wurin aiki ke da ikon tsayawa ba. Sai wanda ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta ba lasisi. Shi mai lasisin, in ya yi wa mutum tambayoyi ya ga ya dace da aikin, sai ya shigar da sunansa a na'urar gwamnati, a fitar masa da wata lamba. Wannan shaida ita ce za ki ga an rubuta Certificate of Sponsorship, ko a taƙaice CoS. Da lambar mutum yake neman biza, kuma dole ya nema cikin wata uku da ba shi ita.

Ku riƙe wannan da kyau: shaidar nan ba takarda ba ce. Rubutu ne a cikin na'urar gwamnati. Kamfani yana iya buga maka kwafinta ka gani, amma kwafin ba shi ne hujja ba. Duk yaron da ya iya kwamfuta a shagon buga takardu zai iya tsara miki mai kyau, da tambari da komai, cikin rabin awa. Don haka takardar da aka nuna wa 'yar uwarmu ba ta tabbatar da komai ba tukuna.

Na ce ta turo mini hoton takardar. Muka zauna da wata ƙanwata mai jin Turanci sosai, muka bi ta layi-layi. Abin da muka fara dubawa shi ne irin aikin. An rubuta kula da tsofaffi, da lambar aiki 6135. Nan take jikina ya yi sanyi, domin wannan ƙofa a rufe take. A shekarar 2022 Birtaniya ta buɗe hanyar ɗauko masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashen waje, kuma 'yan Najeriya da yawa sun tafi ta nan, shi ya sa labarin ya cika gari. A watan Maris na 2024 aka hana masu wannan aiki tafiya da iyali. Sannan daga ranar 22 ga Yuli, 2025, aka daina karɓar sabbin masu nema daga waje gaba ɗaya. Waɗanda suke can ciki an bar musu damar sabuntawa ko canza wurin aiki na wani lokaci, amma wanda yake zaune a Kano ko Katsina ko Maraɗi ba shi da hanyar shiga ta wannan ƙofa. Wanda duk ya zo miki bayan wannan rana da zancen bizar kula da tsofaffi a Ingila, ko dai bai san abin da yake faɗi ba, ko ya sani sarai.

Da a nan muka tsaya ma ya isa. Amma na ce mu ci gaba da bincike, saboda gobe wani zai zo da sunan wani aikin daban, a ce aikin gini ne ko aikin ofis ko na asibiti, kuma hanyar binciken ɗaya ce.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi shafarki. Shaidar ɗaukar nauyi ba hajar sayarwa ba ce. Kamfani ne yake biyan gwamnati kuɗinta, kuma daga watan Afrilu na 2025 kuɗin fam 525 ne. Tun daga ranar 31 ga Disamba, 2024 aka haramta wa kamfani ya ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗi, wanda aka kama yana yi ana iya ƙwace lasisinsa. Haka kuma dokar Birtaniya tun ta 1973 ta hana dillalan aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman aiki don sun samo masa gurbi. Mai ɗaukar ma'aikata shi ke biyan dillali. Kun ga ke nan, da zarar an ce kawo miliyan kaza a ba ka gurbi, to an riga an bar hanya, ko da kamfanin na gaske ne.

Ba wai tafiyar kyauta ba ce, kar a ce na ce. Akwai abin da mai tafiya yake biya da kansa. Zai biya kuɗin jarrabawar Turanci, zai biya kuɗin gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi a Abuja ko Legas, zai biya kuɗin biza. Misali, a 2025 bizar ma'aikatan lafiya ta shekara uku fam 304 ce. Ana kuma son a ga fam 1,270 sun kwana 28 a asusunsa na banki, sai dai in wurin aikin ya rubuta cewa zai ɗauki ɗawainiyarsa ta watan farko. Amma ki lura da bambancin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, wurin da ake biyansa daban ne, kuma yaron ne da hannunsa zai biya, a ba shi rasit da sunansa. Kuɗin biza a shafin gwamnati ake biya. Babu inda aka ce a tara su dunƙule guda a tura asusun wani mutum. Da muka duba lambar asusun da aka ba 'yar uwarmu, sunan mutum ne a kai, ko sunan kamfani babu.

Yanzu ga abin da ya fi ruɗa ta, wato sunan kamfanin da ta gani da idonta a jerin gwamnati. Jerin gaskiya ne, akwai shi, kuma kowa na iya buɗe shi kyauta a waya. In ba kya karanta Turanci, ki kira ɗiyarki ko wani yaro da kika yarda da shi, ya zauna kusa da ke a kan tabarma, ya karanta yana fassara miki. Kar dai ki bari wanda ya kawo zancen ya zama shi ne mai buɗewa, kuma kar a bi wata mahaɗa da shi ya turo. A shiga shafin gwamnati kai tsaye, wanda adireshinsa yake ƙarewa da gov.uk, a rubuta wannan:

```
Register of licensed sponsors: workers
```

Za a sauko da wani dogon jeri mai dubban sunaye, ana kuma sabunta shi kusan kullum, don haka na ranar ake so, ba hoton da wani ya ɗauka bara ba. A kowane layi akwai sunan wurin aikin, da garin da yake, da darajar lasisinsa, da irin bizar da aka yarda ya tsaya wa mutum. Abu uku za a duba. Sunan ya zama daidai harafi da harafi, domin 'yan damfara kan canza harafi ɗaya ko su ƙara kalma. Garin ya dace da wanda ke kan takarda. Sannan a ga an rubuta Worker (A rating) da kuma Skilled Worker. In aka ga B rating, alama ce gwamnati ta sami kamfanin da sakaci, kuma ba shi da ikon ɗaukar sabon mutum sai ya gyara.

Muka duba, sai ga sunan. Gari ya dace, daraja ta ɗaya. Mutumin bai yi ƙarya ba ta nan. Amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Jerin nan abu ɗaya kawai yake gaya miki, cewa akwai kamfani mai wannan suna kuma yana da lasisi. Bai gaya miki cewa wanda yake zaune a zaurenku daga kamfanin yake ba. Tunda kowa na iya buɗe jerin, ai ɓarawo ma na iya buɗewa, ya zaɓi suna mai kyau ya manna a takardarsa. Kamar a ce wata ta shigo gidanki da atamfa, ta ce daga shagon Alhaji wane na Kantin Kwari take. Shagon yana nan, kowa ya san shi. Amma Alhajin ya san ta?

Daga nan muka shiga shafi na biyu, na ofishin rajistar kamfanoni, wanda ake rubutawa Companies House. Shi ma kyauta ne. In an sa sunan kamfani, zai nuna ranar da aka kafa shi, da adireshinsa, da sunayen shugabanninsa, da sana'ar da ya ce yana yi, da ko yana raye ko an rushe shi. Active yana nufin yana raye, Dissolved yana nufin an rushe. Abin da ido zai nema a nan shi ne rashin dacewa. Kamfanin da aka kafa wata biyar da suka wuce, shugaba mutum ɗaya, ya ce yana neman ma'aikata hamsin, da alamar tambaya. Wanda aka rubuta sana'arsa sayar da kayan mota, amma yana neman ma'aikatan jinya, da alamar tambaya. Wanda ya shigar da bayanin kuɗinsa a matsayin dormant, wato ba ya wata harka, da me zai biya albashi? Kuma kar takardar rajistar kamfani ta burge ki. A 2024 da fam 50 mutum yake yi wa kamfani rajista a can, yana zaune a ɗakinsa. Rajista daban, lasisin ɗaukar nauyi daban. Haka ma a nan gida, in dillali ya nuna miki takardar hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ba ita ce izinin kai mutane aiki waje ba. Wannan izini ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ce ke ba da shi, kuma kina da damar cewa a nuna miki.

Kamfanin da ke kan takardar 'yar uwarmu ya tsallake wannan ma. Ya shekara takwas, yana raye, sana'arsa kula da tsofaffi. Har muka same shi a shafin hukumar da ke sa ido kan gidajen jinya a Ingila, wato Care Quality Commission, da lambar wayarsa da rahoton binciken da aka yi masa. Kamfani ne na gaske, ba shakka.

Saura mataki na ƙarshe, kuma shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, ko don kunya ko don ganin kamar ba za a amsa musu ba. A tambayi kamfanin da kansa. Amma ba ta lambar da ke kan takardar da aka kawo ba, domin in takardar ta bogi ce, wanda zai ɗauki wayar ma nasu ne. Ta lambar ko adireshin da ku kuka samo da kanku, daga shafin kamfanin na ainihi ko na hukumar da ke sa musu ido. Da muka gwada biyun, sai muka ga adireshin saƙon da ke kan takarda yana ƙarewa da gmail.com, alhali na kamfanin yana ƙarewa da sunansa. Lambar waya ma daban. Muka sa yaron ya rubuta musu gajeren saƙo: ga sunana, ga lambar da aka ba ni, ga sunan wanda ya ce wakilinku ne, shin daga gare ku take? Bayan kwana huɗu suka amsa. Sun ce ba su san shi ba, ba su ba da wannan lamba ba, ba su da wakili a Najeriya, kuma ba shi ne na farko da ya tambaye su ba.

Akwai wata tambaya ɗaya da da an yi ta tun ranar farko, da ko kuɗin fom ba a bayar ba. Na tambayi yaron, wa ya yi maka tambayoyin ɗaukar aiki? Ya ce babu. Wa ya nemi takardunka na makaranta, wa ya tambaye ka inda ka taɓa aiki? Ya ce fasfo kawai aka karɓi hotonsa. To ke Hajiya, ko 'yar aiki za ki ɗauka mai wanke-wanke, ai sai kin gan ta, kin tambayi 'yar gidan wa ce. Yaya za a yi Bature ya damƙa wa mutum tsohuwarsa bai taɓa jin muryarsa ba? Wurin aiki na gaske zai sa rana, a yi magana ta bidiyo ana ganin juna, wani lokaci har sau biyu, sannan a aiko da takardar yarjejeniya mai ɗauke da albashi da awannin aiki da wurin da za a yi shi.

Ina so in ɗan daɗe a kan wani nau'in, domin ya fi wannan ciwo. Wanda muka gani yanzu, takarda ce ta bogi, kuɗi ya tafi, yaro yana gida. Akwai kuma wanda kamfanin na gaske ne, lasisin na gaske, lambar ma ta gaske, amma sayar da ita aka yi. Mai kamfanin ba shi da aikin da zai ba mutum, lambobin kawai yake kasuwanci da su. Biza ta fito, a yi walima, a raka yaro filin jirgi. Ya sauka ya kira waya, a ce masa ya jira, babu aiki tukuna. Sati ya zama wata. Ga haya, ga sanyi, ga bashin da aka bari a gida, kuma bizarsa a ɗaure take da wannan kamfani, ba shi da damar ya kama cikakken aiki a wani wuri yadda ya ga dama. Ran da gwamnati ta gano kamfanin ta ƙwace lasisi, sai a aiko wa yaron takarda cewa saura masa kwana 60, ya sami wani mai tsaya masa ko ya bar ƙasar. Ba tatsuniya nake muku ba. Gwamnatin Birtaniya da kanta ta faɗa a watan Maris na 2025 cewa daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta ƙwace lasisi sama da 470 a ɓangaren kula da tsofaffi, kuma ma'aikata fiye da 39,000 ne ke da alaƙa da waɗannan wurare. Irin wannan, jerin gwamnati ba zai nuna miki shi ba, domin ranar da kika duba sunan yana nan lafiya lau. Abin da zai nuna miki shi ne kuɗin da aka nema da rashin tambayoyin ɗaukar aiki.

Wani kuma zai ce, a bar yaro ya shiga da bizar ziyara, in ya isa sai a juya ta ta koma ta aiki. Ba a juyawa. Mai bizar ziyara ba shi da izinin aiki, kuma ba ya iya neman bizar aiki daga ciki, sai ya fito. Mu da muka ga abin da ya sami 'yan uwanmu da suka shiga Saudiyya da bizar Umara suka zauna, suna ɓuya daga askar shekara da shekaru, bai kamata a yi mana wannan wayon ba. Sannan in aka shigar da takardar bogi wajen neman biza, ba dillali ake hukuntawa ba. Sunan yaron ne a kai, kuma ana iya hana shi shiga ƙasar har shekara 10, ko da daga baya ya sami aikin gaskiya.

To ina hanyar gaskiyar take? Tana nan, amma ƙunci gare ta, kuma gara in faɗa muku yadda take. Tun daga Yulin 2025 akasarin ayyukan da ake ɗaukar nauyi sai masu matakin digiri, kuma mafi ƙarancin albashin da aka sa wa yawancinsu fam 41,700 ne a shekara, ban da wasu ayyuka irin na asibiti da koyarwa da suke da nasu ma'auni. Wannan yana nufin wurin aiki ba zai tsaya wa mutum ba sai yana da ƙwarewar da suke nema ƙwarai. In ɗiyarki ko ɗanki cikakken ma'aikacin jinya ne, ko ungozoma mai rajista, ko likita, to akwai hanya. Ma'aikaciyar jinya za ta ci jarrabawar Turanci, ta nemi rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta can, ta yi jarrabawar kwamfuta tun tana gida, sannan ta yi ta gwajin aiki bayan ta isa. Guraben asibitocin gwamnati ana tallarsu a fili a shafin jobs.nhs.uk, kowa ya ga wanda ya dace da shi ya cike da kansa, ba ko sisi. A jikin tallar sukan rubuta ko suna ɗaukar nauyin biza. Wata dabara kuma, a ɗauki wancan jeri na masu lasisi, a zaɓi waɗanda sana'arsu ta dace da karatun yaro, a shiga shafin kowannensu a ga ko suna neman ma'aikata. Aiki ne na watanni, da amsoshin haƙuri masu yawa.

Akwai wani abu a nan da zai taimake ki gane maƙaryaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 a 2023 waɗanda ma'aikatan lafiya suka yi musu ƙaranci, Najeriya da Nijar da Gana suna ciki. Saboda haka ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitocinta da dillalansu zuwa farautar ma'aikatan lafiya a waɗannan ƙasashe. Mutum ya nema da kansa kai tsaye, wannan an yarda. Amma wanda ya zo ya ce shi wakilin asibitin gwamnatin Ingila ne an turo shi ya tara nas-nas a Kano, maganarsa ta ci karo da ƙa'idar waɗanda ya ce sun aiko shi.

Ɗan 'yar uwarmu kuwa, takardar da yake da ita ba ta kai ta cikakken ma'aikacin jinya ba. Na gaya mata gaskiya, a yadda dokar take, ba shi da ƙofa a Ingila yanzu. Ba ta ji daɗi ba, na ji a muryarta. Ta yi shiru, sannan ta ce, to ai gara da na ji kafin in kai sarƙar kasuwa.

Abin da ya rage mata shi ne mafi wuya, kuma na san da yawanku shi ne zai tsaya muku a rai. Mutumin nan ba baƙo ba ne, abokin ƙanin miji ne, yana cin tuwo a gidan. Yaya mace za ta ce ba ta yarda ba, ba a ce ta raina dangin miji ba? Shawarar da na ba ta, kar ta ce da kowa maƙaryaci. Mai yiwuwa ma shi kansa mai kawo zancen yaudararsa aka yi, an yi masa alkawarin kamasho, bai taɓa ganin na sama da shi ba. Ta sami maigida shi kaɗai bayan sallar isha, ta ce, Malam, ga amsar da kamfanin suka aiko, a karanta maka. Ta bar takarda ta yi magana. In kuma ke ba ki kai ga samun amsa ba ana matsa miki da kwana goma, ki ce a ba ki mako biyu ki yi istihara ki yi shawara, ba wanda zai ga laifinki. Aikin gaskiya ba ya gudu don an yi mako biyu ana bincike, tunda ita kanta lambar wata uku take yi. Wanda ya ce lallai sai gobe, saurin nasa ne, ba na kamfani ba.

Maigidan nata ya kira ƙaninsa, aka kira mutumin, aka nuna masa saƙon. Ya yi ta rantsuwa cewa shi ma haɗa shi aka yi da wani a Legas. Ya dawo da Naira 100,000, ya ce saura yana hannun na Legas ɗin, wanda tun daga ranar wayarsa a kashe take. Na ce su adana komai, rasit na banki da saƙonnin waya da hoton takardar, su kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. In kuma zancen ya haɗa da ɗaukar mutum a fita da shi, musamman 'ya mace, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane tana da ofis a Kano. Har yanzu ba su yanke shawarar kai ƙarar ba, saboda zumunci, kuma ban matsa mata ba, ko da yake ni a ganina kaiwa ya fi, domin hoton fasfon yaron yana hannun mutanen da ba a san su ba, kuma gida na gaba da za su shiga ba lallai a yi bincike ba. Fili da gwal dai suna nan. Ta ce tana tunanin ta sayar da tumaki biyu ta biya masa kuɗin fom na makarantar jinya.

Lokaci ya yi halinsa. Mai tambaya ta aiko da wasiƙarta kamar yadda aka saba, in ba ta son a faɗi suna ta rubuta a sama. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A gaida maigida, a shafa kan yara. Wassalamu alaikum.